Jawabin Maraba a Taron Manoma da Makiyaya Kafin Faɗuwar Damina

A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Hakimi, uban ƙasa, ranka ya daɗe. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da yawan rai. Da muka aika da takardar gayyata, abin da muka sa rai shi ne a turo mana wakili, don mun san taronmu ƙarami ne, kuma ƙasar da kake riƙo tana da faɗi. Sai ga shi ka tako da ƙafarka, cikin wannan zafi na bazara, a kan hanyar da yashi ya cinye rabinta. Talakawanka sun gani, sun kuma gode. Idan ka koma, muna roƙo ka isar da gaisuwarmu da biyayyarmu ga Mai Martaba Sarkin Gumel, Allah ya ƙara masa nasara. Muna gaida 'yan rakiyarka duka, da Malam Magatakarda, da dogarai. Sannunku da hanya.

Mai gari, Dagacinmu, ranka ya daɗe. Kai ne mai masauki, a ƙofar gidanka muke, a inuwar durumin da kakanninmu suka zauna suka yanke shawara. Ba a yi wa mutum maraba a gidansa, sai dai a yi masa godiya. Jama'a su sani, shi ne ya fara kiranmu tun bayan girbin bara, ya ce kada mu bari sai ruwa ya sauka, shuka ta fito, rai ya ɓaci, sannan mu nemi juna. Shi ya ba da tabarmin da kuke zaune a kai, daga gidansa kuma aka fito da randunan ruwan nan. Allah ya saka da alheri, ya bar mana kai.

Allah gafarta Malam, Limamin Juma'a, da Na'ibi, da Ladan, da sauran malamanmu na zaure da na Islamiyya, barkanku da zuwa. Malam, ba mu manta da huɗubarka ta makon jiya ba. Ka karanto mana ƙissar Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, a cikin Suratul Anbiya'i, lokacin da aka kawo musu ƙarar gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare suka yi ɓarna. Da yawanmu mun fito masallaci muna jinjina abin, ashe wannan matsala ta kai gaban annabawa, kuma an warware ta da adalci, mai gona bai tashi a banza ba, mai dabba ma bai tsiyace ba. Allah ya ƙara basira, ya sa mu amfana da karatunku.

Arɗo, barka da zuwa, sannu da ƙoƙari. Muna gaishe ka tare da dattawan rugagen yamma da na bakin tafki, da 'yan'uwanmu da suka gangaro daga wajen Dungas da Magarya suna jiran ruwa ya sauka su koma arewa. Ina so in ɗan daɗe a nan, don akwai abin da ya kamata yaranmu su ji da kunnensu. Arɗo, kai ba baƙo ba ne a garin nan. Mahaifinka da iyayenmu sun ci a ƙwarya ɗaya. A da, manomi ne ke zuwa ruga da goro da damin gero yana roƙon a kafa masa shanu a gonarsa da rani, don ya samu taki. Matan ruga su kawo nono da man shanu, su koma da hatsi. Wanda ya samu ɗan rara a cikinmu ya sayi karsana, wa yake ba wa kiwo? Ku. Har gobe rabin shanun huɗar garin nan daga hannunku suka fito. Dattawan da ke nan sun ga farin 1973, sun ga ciwon bushiya da ya karkashe shanu a 1983, sun ga yunwar 1984. Su tambayi kansu, a waɗancan shekaru akwai wanda ya tsira shi kaɗai? Wanda yake da ragowar hatsi ya taimaki wanda garkensa ya ƙare, wanda ya tsira da 'yan dabbobi ya sayar ya ranta wa maƙwabci. Mun taso mun tarar da wannan zumunci, kuma ba mu yarda ya mutu a hannunmu ba.

Masu unguwanni huɗu, na Gabas, na Yamma, na Kofar Arewa da na Sabuwar Unguwa, ranku ya daɗe, sannunku da ɗawainiya. Ku kuka bi gida-gida kuka sanar.

Sarkin Noma, gaishe ka da aiki, Allah ya ba da damina mai albarka. Kai ka san iyakar kowace gona a garin nan, ka san inda gamba ta tsaya da inda aka tuge ta. Yau za mu bukaci wannan sani naka ƙwarai. Sarkin Fawa, Sarkin Ƙira, Sarkin Aska, Sarkin Kasuwa, da dillalanmu masu zuwa kara a Maigatari duk ranar Alhamis, muna yi muku maraba. Ku kun fi kowa sanin cewa in kiwo ya lalace, kasuwa ma ta kwanta.

Iyayenmu dattawa, musamman Baba da ke zaune kusa da Liman, wanda jikokinsa suka riƙo hannunsa har nan, sannunku. Baba yana cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka ga lokacin da aka shata burtalin arewa. Ya ce mana a wancan zamani garke biyu suna wucewa a jere ba tare da sun taɓa shukar kowa ba. Baba, in lokacin ya yi za mu matso da abin magana kusa da kai, ba sai ka miƙe ba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa mu ga irin shekarunku cikin mutunci.

Mai girma Kansilan mazaɓarmu, barka da zuwa. Malamin gona da malamin dabbobi da suka zo daga ƙaramar hukuma, da jami'in 'yan sanda, da shugaban 'yan sintiri da yaransa masu kwana a waje don mu yi barci, da Hedimasta da abokan aikina malaman firamare, da ma'aikacin asibitinmu na sha-ka-tafi, duk muna gaishe ku, mun gode da kuka bar aikinku kuka zo.

Iyayenmu mata da ke zaune ta wajen zaure, Magajiya, Inna Ungozoma, Uwargidan Mai gari, da iyayenmu mata na ruga da suka ajiye ƙoren nono yau suka taho, sannunku da zuwa, sannunku da aiki. Tun asuba hayaƙi ke tashi a cikin gida saboda baƙinmu. Amma ba don girki kaɗai aka gayyace ku ba. In rigima ta tashi, ku ne kuke kwana ido biyu kuna jiran ɗa ko miji ya dawo. Mace ce ke rasa cinikin fura in nono ya daina shigowa gari, ita ce kuma ke rasa ɗan zoɓon da ta shuka a gefen gona don kayan ɗakin 'yarta. An ware muku lokacinku na magana, Magajiya za ta yi, sannan uwa ɗaya daga ruga.

Samari, ƙannena da 'ya'yana, na gari da na ruga, ku na ajiye a ƙarshe bisa tsarin girma, amma maganar yau taku ce fiye da kowa. Ku ke riƙe da garma, ku ke riƙe da sanda. Duk abin da manya suka yanke a inuwar nan, ku za ku aikata shi a daji, inda babu Hakimi babu Liman. Mun gode da sharar fili da jera kujeru. Ku matso kusa, ku saurara da kyau. Yara kuma, ku zauna a gaba ku yi shiru, Allah ya yi muku albarka.

Ranka ya daɗe, abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun ƙaru, ƙasa kuwa tana nan yadda take. Burtalin da ya taso daga arewacin gari ya nufi tafki ya tsuke, a wani wurin ma saniya ɗaya ba ta wucewa sai ta goga jikinta da shuka. Kowace shekara sai an ƙara kunya ɗaya ko biyu a cikinsa, mai yi yana ganin ai kaɗan ne. Bakin mashaya ma an fara kewaye shi da lambu. Wannan namu ne, mu manoma, kuma gara mu faɗe shi da bakinmu a gaban Arɗo. Ta ɗaya ɓangaren, akwai kiwon dare, akwai sakin garke a hannun yaro ƙarami da ba zai iya juya shanu ba in sun ga kore. Akwai kuma shigowa gona da wuri. Gero yana tashi da wuri, gaskiya ne, amma wake da riɗi da zoɓo suna nan a gona bayansa, kuma su ne kuɗin talaka. Mutum ya sha wahalar damina, saura kwana kaɗan ya kwashe, a wayi gari ba komai. Wannan ciwo ne da ba ya warkewa da "yi haƙuri" kawai.

Bara Allah ya tsare mu. An samu saɓani a gonakin yamma, aka ɗaga murya, aka ɗaga abin da ya fi murya, amma Mai gari da Arɗo suka isa wurin kafin jini ya zuba, aka kimanta ɓarna, aka biya. Mun ji labarin garuruwan da ba su samu wannan sa'a ba. Ba ma so mu sake dogara da sa'a.

Don haka muna fata kafin mu tashi yau mu tsayar da ranar da za a fita a bi burtali da ƙafa, da Sarkin Noma da Arɗo da masu unguwanni, a kafa alama a dasa aduwa ko cediya a kan iyaka. Mu amince da wanda zai yi shelar sakin gonaki bayan an gama kwashe amfani, yadda ba wanda zai ce bai ji ba. Mu kuma zaɓi mutanen da za a riƙa kira su duba ɓarna, daga gari da ruga, waɗanda kowa ya yarda da amanarsu. Malamin dabbobi yana da sanarwa game da allurar rigakafi, malamin gona kuma zai yi bayani a kan iri da taki.

Roƙona ga duk wanda zai yi magana: ya ɗaga hannu, a ba shi dama, ya faɗi abin da ke ransa ba tare da kama sunan kowa ba. Wanda Fulatanci ya fi masa sauƙi ya yi da shi, ɗan Arɗo zai fassara. Za mu dakata in an kira Azahar, a yi salla, a ci abinci a nan zauren Mai gari, kada kowa ya tafi bai ci ba. Masu babura don Allah a gyara su daga bakin hanya, akwai amalanken da ke ɗebo ruwa.

Da izinin Mai Girma Hakimi, ina roƙon Malam Liman ya buɗe mana taro da addu'a, daga nan sai Mai gari ya yi jawabinsa.

Allah gafarta Malam, bismillah.