Umarnin hotunan kundin ɗinkin ƙaramar Sallah

Auta, ga bayanan da za ki saka wa manhajar zana hoto, guda biyar. Teloli ba za su gama samfur kafin goman tsakiya na azumi ba, masu oda kuma sun fara tambaya, shi ya sa za mu fara da waɗannan. Idan manhajar ta kasa gane Hausar ki mayar da Turanci, amma kada ki rage komai. Kin tuna hoton bara, wanda mayafin ya tsiro daga kafaɗa ba a ga inda ya fara ba, wata Hajiya ta zo da shi a waya ta ce irinsa take so sak, tela ya duba ya ce wannan sai dai aljani ya ɗinka. To, duk hoton da ba za a iya yanka yadi a ɗinka shi ba, ki goge.

Wannan sakin ki liƙa shi a farkon kowane umarni:

Hoton tallan tufafi, a tsaye, ma'auni 4:5, daga kai har takalmi. Mace baƙa 'yar Arewacin Nijeriya, mai kimanin shekara 30, matsakaiciyar jiki, kwalliyar fuska kaɗan. Hannun riga ya kai wuyan hannu, tufa ta kai idon sawu, kaya ba su kama jiki ba. Haske na zuwa daga hagu kawai, inuwar kowane ninki tana faɗawa dama. Duk ninkin yadi ya taso daga wurin da yadin ya rataya: kai, kafaɗa, ƙugu ko gwiwar hannu. Babu iska, babu yadi mai tashi sama. Yatsu biyar a kowane hannu.

Hoto na 1, atamfa. Doguwar rigar atamfa mai buɗaɗɗen ƙasa, launin kore mai duhu da manyan furanni ruwan ɗorawa, kowane fure ya kai faɗin tafin hannu. Yadin auduga ne mai ɗan tauri, ba ya sheƙi, ninkinsa manya ne kuma kaɗan, huɗu zuwa biyar daga ƙugu zuwa ƙasa. Furannin girmansu ɗaya a ko'ina, suna maimaituwa a jere. Inda yadi ya ninke, furen ya shige cikin ninkin, rabinsa ya ɓuya, sauran ya fito a ɗaya gefen. Akwai ɗinki a kafaɗa, a gefe, da inda hannu ya haɗu da jiki, kuma adon ya ɗan goce a wurin. Ɗankwali na atamfar ɗaya, an ɗaura shi ya rufe gashi duka, ƙullin yana baya. Mayafin shifon ruwan madara ya ɗora a kan ɗankwalin, ya rufe wuya da ƙirji, gefe ɗaya an yafa shi ta kafaɗar hagu ya sauka baya. Tana tsaye a bakin zaure mai bangon ƙasa, da hantsi.

A nan manhajar ta fi yin ƙarya, ki sa ido. Takan shimfiɗa fure a kan ninki kamar an buga hatimi, ko ta ƙanƙanta furannin ɗankwali su zama kamar wata atamfar daban. Daga turmi ɗaya ake yanka riga da ɗankwali, yadi shida ne gaba ɗaya, don haka furen da ke kai shi ne furen da ke jiki, ko da biyu kawai suka samu wuri a ɗaurin. Idan bakin ɗankwalin ya juyo, bayansa ma da ado, domin atamfa mai kyau rininta ya ratsa ciki da waje. Bayan da ya fito fari fat na mai araha ne, ba shi na saro a Kantin Kwari ba. Sannan shifon yana nuna abin da ke ƙarƙashinsa: a ga koren rigar dishi-dishi ta cikin mayafin inda yake falle ɗaya, ya dushe inda ya ninku biyu.

Hoto na 2, hijabi. Hijabi har ƙasa, ruwan toka, yadi mai nauyi da santsi mara ado. Zagayen fuska ya zauna daidai, ɗinki ɗaya ya sauka daga ƙarƙashin haɓa. Bakin baƙar hular ciki ya leƙo a goshi kamar faɗin yatsa. Ninki dogaye, a tsaye, sun taso daga kai da kafaɗu suna buɗewa zuwa ƙasa. Ta ɗaga hannun dama tana riƙe da ƙaramar jaka, yadin ya tattaru a gwiwar hannun. Bakin siket baƙi ya fito kaɗan a ƙasan kalmasa. Farin bango.

Hoto na 3, shadda. Bubu na shadda ruwan sararin samaniya, launi ɗaya tak. Adon shaddar a cikin saƙa yake, ba bugawa aka yi ba, yana bayyana inda haske ya taɓa, yana ɓacewa a inuwa. Yadin a tsaye yake da ƙarfinsa, ninkinsa masu kaifi da kusurwa, hannun ya buɗe daga kafaɗa kamar fiffike. Aikin zare ruwan azurfa a wuya da ƙirji, dama da hagu iri ɗaya, yadin ya ɗan yi kauri a ƙarƙashin aikin. Ana ganin hannun rigar ciki fara a wuyan hannu. Ɗaurin kai na shaddar, mai tsayi kaɗan, da gyale fari a kafaɗu ya zagaye wuya. Tana zaune a kujerar katako, yadin ya karye a cinya da gwiwa.

Idan ta fito tana zuba kamar siliki, ba shadda ba ce. Ki ƙara da cewa sabuwa ce, ba a taɓa wanke ta ba, har karin ninkin kanti yana nan a hannu.

Hoto na 4, lafaya. Lafaya irin ta matan Barno, ruwan hoda mai ƙananan ɗigo farare, yadi ɗaya dogo mara ɗinki. Ta naɗe jiki, ta bi ta baya, ta hau kai, bakinta ya sauko ta kafaɗar hagu ya rataya a hannu. Ninki sirara masu yawa, a karkace, duk suna bin hanyar naɗin. A ciki akwai doguwar riga fara mai dogon hannu. Baƙin lalle a bayan hannu. Tsakar gida, da la'asar.

Ki bi bakin lafayar da yatsa a kan allo tun daga kai har inda ya ƙare. In ya ɓace a hanya, ko kika ƙirga baki uku, sake. Wannan hoton ina jin sai kin gwada sau goma, kada ki gaji.

Hoto na 5, abaya a kan rini. Baƙar abaya buɗaɗɗiya, mara dutse, a kan doguwar riga mai rinin shuni irin na marinar Ƙofar Mata, da fararen da'irori na ɗauri. Da'irorin ba su zama daidai da juna ba, bakinsu ya ɗan jiƙe da shuɗi, kamar yadda aikin hannu yake. Hawa uku a bayyane: riga a ciki, abaya a kanta, mayafi baƙi a sama, kowanne da bakinsa da siririyar inuwarsa a kan na ƙasa. Abayar ta fi rigar tsawo da yatsa biyu. Tana tafiya, ƙafar dama a gaba, ƙasan abayar ya ja baya kaɗan.

Kowane hoto ki fitar da huɗu, ki turo mini ta WhatsApp kafin la'asar ɗin Alhamis, zan kai wa tela ya duba kafin mu zaɓa. A ƙasan wanda muka zaɓa ki rubuta cewa zanen na'ura ne, launin yadi na iya ɗan bambanta. Kuɗin ɗinki kada ki saka tukuna, ban gama lissafin shaddar ba.

Yayarki