Game da jadawali na 3 a rahoton rabon taki

Assalamu alaikum, Malam Dauda.

Ya aiki, ya sanyin Jos? Ina fatan ka dawo daga Mangu lafiya.

Na karanta daftarin rahoton watan Afrilu zuwa Yuni. Akwai wasu alƙaluma da nake son mu duba tare kafin ya je teburin Hajiya ranar Alhamis. Kai kaɗai na turo wa wannan saƙo, ban yi maganar da kowa ba, domin mai yiwuwa akwai dalilin da kai ka sani.

A shafi na 6, jadawali na 3 ya nuna jimillar buhu 1,840. Amma jerin da ke ƙarshen rahoton ya ce Bokkos 720, Mangu 650, Barkin Ladi 470, Pankshin 310. Idan aka haɗa su, 2,150 ne. Bambancin 310 ne daidai, wato kason Pankshin ba ƙari ba ragi.

Na buɗe takardar Excel ɗin da ke cikin jakar ofis. Abin da ke gidan jimilla shi ne:

```
=SUM(D4:D6)
```

Pankshin kuwa tana layi na 7. Idan aka saka sabon layi a ƙarƙashin na ƙarshe, wani lokaci lissafin ba ya faɗaɗa da kansa, kuma babu wani gargaɗi da zai hana mutum ci gaba. Hannaye da dama ma sun taɓa takardar. In haka ne, gyaran kawai:

```
=SUM(D4:D7)
```

Abin da ya fi damuna shi ne inda lambar ta bi ta shiga. Shafi na 8 ya ce tan 92, alhali buhu 2,150 mai kilo 50 tan 107.5 ne. Sannan an raba 1,840 ga manoma 1,075, aka samu buhu 1.7 kowa. Duk wanda ya karanta zai ɗauka ba a cika wa manoma buhu bibbiyun da aka yi musu alkawari ba, kuma masu binciken kuɗi a nan za su fara tambaya.

Akwai kuma wata fassarar. Idan motar Pankshin sai a Yuli ta sauke kaya, to 1,840 ɗinka daidai ne, sai dai a cire manomansu 155 daga lissafin, a bar 920, a ƙara ɗan bayani a ƙasan jadawalin. Takardar shaidar karɓar kaya ce za ta raba gardama, kuma tana wurinka.

In kana da sarari gobe bayan Azahar, zan leƙo ofishinka, minti goma ya ishe mu. Ban taɓa komai a takardar ba; rahotonka ne, duk gyaran da ya kama daga hannunka zai fito.

Na gode ƙwarai.

Zainab