Tsarin bidiyon shagonmu na watan azumi

Mamman, ga abin da muka tsayar, ka liƙa shi jikin bango kusa da teburin yanka. Bidiyo uku a mako: Litinin, Laraba da Juma'a, kowanne kada ya wuce daƙiƙa 30. Ɗauka kuwa rana ɗaya ce, Lahadi da hantsi a bakin ƙofa, don hasken cikin shago yana kashe launin shadda. Ka riƙe wayar a tsaye, ka goge idonta tukuna.

Sakawa sai bayan asham, lokacin da mutane suka ci suka miƙe ƙafa. WhatsApp ne farko, tunda can masu ɗinkinmu suke, sannan TikTok da Facebook. Ba kiɗa a watan nan, ƙarar keke ta isa.

Makon farko na kira ne. Litinin ni zan fito in ce mun buɗe karɓar ɗinkin Sallah, kuma 15 ga azumi za mu rufe. Laraba ka jera samfurin aikin wuya guda biyar, domin gobenta Alhamis ce, ranar kasuwar Dole, mai zuwa sayen yadi ya tafi da hoton abin da yake so a ransa. Juma'a kaftanin da aka gama, a goge, a rataye.

Mako na biyu shi ne gaba da komai, nan za ka zuba ƙoƙarinka. Ina son a ga hannu yana aiki: alli kan shadda, almakashi, allura tana bin zare, sannan rigar a jikin mai ita, duk a bidiyo ɗaya. Wannan na Litinin. Laraba zan nuna yadda ake awon yaro, don iyaye masu aiko da awo daga Mirriya da Magariya su daina aiko mana da na bara. Juma'a tunatarwa: kwanakin karɓa sun kusa ƙarewa. Mai kayan da bai yarda ba, ko hannun rigarsa kada ka ɗauka, balle fuskar matar mutane.

Daga mako na uku babu sauran kira. Bara kwaɗayi ya sa muka karɓi abin da ya fi ƙarfinmu, wuta ta yi ta ɗaukewa, wani dattijo daga Birni ya je idi da tsohuwar riga. Har yau ina jin kunyarsa. Saboda haka sai dai a nuna kaya a ninke da sunan unguwa: na Zango sun fito, na Garin Malam jibi.

Makon ƙarshe guda ɗaya kawai, a zo a karɓa. In ka samu sarari ranar hawa a ƙofar fada, ka ɗauko rigunanmu a jikin masu su da izininsu, mu ajiye don Babbar Sallah.

Duk wanda ya ce bidiyo ya kawo shi, ka sa alama gaban sunansa a littafin awo. Kuɗin intanet kana da jaka biyu kowane mako.