Kacici-kacici kan dabbobin gida: wa zai ci gari yau?

To yara ku matso kusa, kowa ya gyara zama. Ƙulun ƙulufit! Ku ce gauta. Dokar ita ce wanda ya kasa sai ya ba ni gari, kuma babba nake so irin su Kano ko Damagaram. Yaya ko Anti da ke karanta musu, a rufe amsar da yatsa fa, don na san akwai masu leƙe.

Ga na farko mai sauƙi. Mai jar hula, ba shi da agogo ba shi da waya, amma kullum yana riga ladan tashi. Wane ne?
Amsa: zakara. Matarsa kaza in ta kwanta kan ƙwai kwana 21 take yi kafin ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki, kuma da baki take jujjuya ƙwan don ɗumi ya kai ko'ina.

Ina da gemu ban yi furfura ba, ina da ƙaho ba na jan garma, kuma warina yana riga ni shiga gida.
Amsa: bunsuru, mijin akuya. Ku daina toshe hanci mana! Akuya wata 5 take ɗaukar ciki kuma sau da yawa tagwaye take haifa, shi ya sa iyaye mata ke son kiwonta, ka fara da ɗaya kafin ka ankara garke ya cika. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, dukawa na yin jaka da takalmi da ita.

Gabana dare, bayana rana, in Babbar Sallah ta matso kowa sai ya tambayi kuɗina.
Amsa: ragon Uda, wanda gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari tas. Wannan yana da wuya, wanda ya canka shi nima zan ba shi gari. Akwai kuma Balami, fari ne ƙato mai dogon kunne.

Bakina na motsi ko ina kwance, ba goro ba cingam. Ina ɗauke da tulu ɗaya mai baki huɗu.
Amsa: saniya, tulun kuma hantsarta ce da ake tatsar madara. Wancan motsin bakin sunansa tuƙa. Ciyawar da ta haɗiya da sauri a wurin kiwo take dawo da ita baki ta sake taunawa a nitse, don tumbinta ɗaki huɗu gare shi. Ga wani abin mamaki, saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri, ku tambayi Baffa mai kiwo ya nuna muku amma kar wanda ya sa hannunsa. Cikinta wata 9 ne, ɗanta maraƙi, kuma da madararta ake yin nono da kindirmo da man shanu.

Motar da ba taya ba fetur, ta kai taki gona ta kwaso dawa, in ta danna hon duk ƙauye sai ya ji.
Amsa: jaki. Da mangala yake ɗaukar kaya, yana gane hanyar gida ko ba a ja shi ba. Ni dai a ganina ba dabbar da ake raina wa wahala irinsa, don Allah ban da duka.

'Yar gayu da zane mai ɗigo-ɗigo, kai ba gashi ba ɗankwali, in ta hango baƙo sai ta tara masa jama'a.
Amsa: zabuwa. Da damina ta fi yin ƙwai kuma a cikin ciyawa take ɓoyewa, sai an bi ta a hankali a gano wurin. Ba ta iya reno sosai ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwan ta kwanta kusan mako 4, sai ka ga kaza tana yawo da 'ya'yan da ba nata ba.

Na shiga ruwa na fito a bushe, tafiyata rangaji.
Amsa: agwagwa, wani mai take shafa wa gashinta da baki sai ruwa ya riƙa zamewa.

Na ƙarshe, a nan ne zan ci Kano. Dutse a bayana, ƙaya ce alewata, sai na durƙusa kake iya hawana.
Amsa: raƙumi. Kuma ku ji da kyau, ba ruwa ba ne a cikin tozonsa, kitse ne, shi jikinsa ke ci in abinci ya yi ƙaranci, har tozon ya kan kwanta gefe in ya rame. Macen sunanta taguwa, babban namijin kuma amale.