Tambayoyin hira da masu bincike a Maraɗi: kodaj, son rai da ɗauko maganar mutane

Za a yi wannan hira da malamai da ɗaliban masta na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da masu anketa da suka yi aiki a Madarunfa, Tibiri ko Tasawa. Kada ta wuce awa guda. Bayan gaisuwa, mai tambaya ya ce:

"Malam (ko Malama), muna son jin yadda kuke sarrafa hirarrakin da kuka ɗauko daga ƙauye. Ba za mu ambaci sunanku ba, kuma duk tambayar da ba ta yi muku ba, ku ce a wuce. Kun yarda a kunna rakoda?"

Kodaj, wato rarraba maganganun hira a ƙarƙashin kanu

1. Ku tuna bincikenku na ƙarshe. Daga rakoda zuwa rahoto, me da me kuka yi?
2. Da alƙalami mai launi kuke rarraba maganganu, ko da manhajar NVivo ko ATLAS.ti?
3. Kun zo da jerin kod tun daga ofis, ko daga bakin mutane suka fito? Matakai shida na nazarin jigogi da Braun da Clarke suka tsara a 2006, kuna bin su, ko a takarda kawai suke?
4. A kan Hausar kuka yi kodaj, ko sai da aka juya ta Faransanci? Wa ya juya? A nan a dakata, a nemi misali. Idan manomi ya ce "bana sai hamdala", a ƙarƙashin wane kod kuka sa shi: an samu amfani, ko kunya ta hana shi cewa rumbu ba kome?
5. In ku biyu kuka saɓa kan magana ɗaya, wa ke yanke hukunci? Babba ne kullum?

Son rai

6. Wa ya kai ku wurin mutanen? In maigari ne ya zaɓo su, wa kuke jin ba ku gani ba?
7. Kasancewarku namiji ko mace, ɗan gari ko baƙo, ya canza abin da aka faɗa muku? Matan kulle fa, wa ya zanta da su, kuma maigida yana kusa?
8. An taɓa ɗaukar ku ma'aikacin ƙungiyar agaji mai rubuta sunaye don rabon hatsi? Yaya kuka yi da amsoshin ranar?
9. Wace magana ce ta ƙi shiga abin da kuka yi tsammani? Tana cikin rahoton?

Ta 9 ita ake yawan kauce wa. A yi shiru, a bar mutum ya yi tunani.

Ɗauko magana

10. Me ke sa ku zaɓi maganar wani ku bar ta wani? Mai daɗin baki ba ya danne mai in-ina?
11. Kuna gyara ta? Har ina?
12. A ƙauyen da ungozoma ɗaya ce tak, rubuta "wata ungozoma" ya ɓoye ta?
13. Kun taɓa komawa kuka karanta wa mai magana abin da kuka rubuta da yawunsa? Me ya ce?