Gwajin Kemistiri na 'Yan SS2: Asid, Bes da pH

Ɗalibai, kuna da minti 15, kuma ba a yarda da kalkuleta ba. A kowace tambaya, tsakanin zaɓi da na kusa da shi ninki goma ne, don haka sifili ɗaya ya isa ya kayar da mutum. Ku ɗauka zafin ɗaki 25°C ne, inda [H⁺] × [OH⁻] = 1 × 10⁻¹⁴. Duk ƙarfin ruwa a mol/dm³ yake.

| Ruwa | pH |
|---|---|
| Ruwan lemun tsami | 2 |
| Ruwan tumatir | 4 |
| Tataccen ruwa | 7 |
| Ruwan kanwa | 10 |

1. Nawa ne [H⁺] na ruwan tumatir?
A. 10⁻² B. 10⁻³ C. 10⁻⁴ D. 10⁻⁵

2. Sau nawa [H⁺] na lemun tsami ya ninka na tumatir?
A. 10 B. 100 C. 1,000 D. 10,000

3. Nawa ne [OH⁻] na ruwan kanwa?
A. 10⁻⁴ B. 10⁻⁵ C. 10⁻⁶ D. 10⁻⁷

4. An ɗebi 10 cm³ na HCl mai ƙarfin 0.1, aka yi ta ƙara tataccen ruwa har ya cika 1,000 cm³. Nawa ne [H⁺] yanzu?
A. 10⁻¹ B. 10⁻² C. 10⁻³ D. 10⁻⁴

5. Nawa ne [H⁺] a cikin H₂SO₄ mai ƙarfin 0.005, idan ya rabu gaba ɗaya?
A. 10⁻⁵ B. 10⁻⁴ C. 10⁻³ D. 10⁻²

Amsoshi (sai kun gama za ku duba)

1. C, tunda [H⁺] = 10⁻ᵖᴴ.

2. B. Daga 4 zuwa 2 taki biyu ne, kowane taki ninki goma: 10 × 10 = 100. Shi ya sa ɗigon lemun tsami yake sa mutum ya yamutsa fuska, tumatir kuwa a ci shi ɗanye lafiya lau.

3. A. pOH = 14 − 10 = 4.

4. C. A nan na fi jin tsoronku. Daga 10 zuwa 1,000 sirki ne sau 100, amma mai gaggawa yakan ga sifili uku a 1,000 ya raba da dubu, sai ya faɗa D. Ku rubuta shi a fili: 0.1 × 10 ÷ 1,000 = 0.001, wato 10⁻³. Ku lura pH ya tashi daga 1 zuwa 3, taki biyu daidai da ninki ɗari. In lissafinku ya ba ku taki uku, ku koma ku sake ƙirga sifilan.

5. D. Kowane H₂SO₄ yana sakin H⁺ biyu, saboda haka 0.005 × 2 = 0.01, wato 10⁻². Wanda ya manta da biyun zai tsaya a 5 × 10⁻³, ya ga 10⁻³ ya yi kama da shi, ya zaɓi C. Da gangan na jera zaɓin wannan tambayar daga ƙarami zuwa babba, domin ku saba karanta kowanne kafin ku sa alama.

Duk wanda ya faɗi ta 4 ko ta 5 ya same ni a ɗakin gwaji ranar Laraba bayan azahar, ya zo da takardar da ya yi lissafinsa a kai.