Samfurin Saƙon Ƙin Amincewa da Buƙatar Murabaha

Wannan samfuri shi ne manhajarmu za ta yi amfani da shi duk lokacin da sashen tantancewa ya yanke hukuncin ƙin amincewa da buƙatar ɗan kasuwa. Ana gina saƙon ne daga bayanin hukuncin da sashen ya fitar, kamar wannan:

```json
{
  "application_id": "MRB-2025-04417",
  "applied_on": "2025-03-03",
  "decided_on": "2025-03-06",
  "amount": 850000,
  "outcome": "declined",
  "reason_codes": ["ID_MISMATCH", "STATEMENT_SHORT", "AFFORDABILITY"],
  "review_until": "2025-03-20",
  "reapply_after": "2025-04-07",
  "internal": { "score": 0.41, "cutoff": 0.62, "rule_version": "v14" }
}
```

Duk abin da ke ƙarƙashin `internal` ba ya shiga saƙo, kuma wajibi ne a cire shi tun kafin bayanin ya isa ga ɓangaren da ke haɗa rubutu, domin idan makin da iyakarsa suka fita, mai niyyar zamba zai riƙa gwadawa har sai ya gano inda zai ratsa. Kowace lamba a `reason_codes` tana da sakin layi guda da aka riga aka rubuta, kuma suna jeruwa yadda suka zo. Ana yi wa mai buƙata magana da «ku», namiji ne ko mace. Ga cikakken saƙon da hukuncin da ke sama yake haifarwa.

Batu: Sakamakon buƙatarku mai lamba MRB-2025-04417

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna gode muku da kuka nemi mu saya muku kaya ta tsarin murabaha na kimanin naira 850,000, a buƙatar da kuka shigar ranar 3 ga Maris, 2025. Mun duba buƙatar tare da takardun da kuka haɗo, kuma muna baƙin cikin sanar da ku cewa ba za mu iya amincewa da ita a wannan karo ba. An yanke hukuncin ne ranar 6 ga Maris, 2025, bisa dalilan da ke tafe.

Sunan da ke jikin lambarku ta BVN bai yi daidai da wanda ke jikin lambarku ta NIN ba. Sau da yawa irin wannan saɓani yana faruwa ne saboda bambancin rubutu, ko sauya jerin sunaye, ko ƙarin sunan miji bayan aure, kuma ba mu ɗauke shi a matsayin laifi daga gare ku ba. Sai dai ba mu da ikon ƙulla yarjejeniya har sai bayanan biyu sun nuna mutum ɗaya. Ana gyara bayanan BVN a reshen bankinku, na NIN kuma ta hannun hukumar NIMC, saboda haka sai ku duba wanne ne ke ɗauke da kuskuren kafin ku je.

Bayanin shige da ficen kuɗi na asusun da kuka turo bai kai watanni shida da muka ambata a sharuɗɗan nema ba. Idan kuna da wani asusun da cinikin shago yake shiga, ko kuna karɓar kuɗi ta na'urar POS, kuna iya haɗo bayaninsa, domin zai taimaka mana mu ga kasuwancinku yadda yake.

Haka kuma, da muka dubi kuɗin da ke shigowa asusunku tare da biyan da ke kanku a halin yanzu, mun ga cewa biyan wata-wata na wannan adadi zai iya yi wa jarinku nauyi. Wannan ra'ayi ya dogara ne kawai a kan takardun da ke gabanmu, kuma yana iya sauyawa idan kuka nemi adadin da bai kai wannan ba, ko kuka kawo shaidar wani kuɗin shiga da ba mu gani ba.

Muna so ku sani cewa na'ura ce ta fara tantance buƙatarku. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ku damar neman mutum ya sake duba hukunci irin wannan, ku bayyana matsayinku, ku kuma ƙalubalance shi. Idan kuna son haka, sai ku danna maɓallin «Neman Sake Dubawa» a cikin manhajar daga yanzu zuwa ranar 20 ga Maris, 2025, ku rubuta abin da kuke ganin ba a lura da shi ba, ku haɗa duk wata takarda da za ta tabbatar da shi. Ma'aikacin da bai sa hannu a hukuncin farko ba ne zai duba, kuma ba a biyan ko sisi a kan wannan. Duk wanda ya kira ku da sunanmu yana neman kuɗi ko lambar sirrinku domin a sauya sakamako, kada ku saurare shi.

Idan kuma kun fi son ku gyara abubuwan da muka ambata ku sake nema, ƙofa a buɗe take daga ranar 7 ga Afrilu, 2025. Za a duba sabuwar buƙatar bisa takardun da ta zo da su, amma gyaran da kuka yi ba alkawari ba ne cewa za a amince.

Muna ba ku haƙuri, tare da addu'ar Allah Ya sanya albarka a kasuwancinku.

Wassalamu alaikum.
Sashen Hulɗa da Abokan Ciniki

Sauran dalilai suna da nasu sakin layi, wanda ke shiga a madadin na sama ko a tare da su.

Idan hukuncin ya ƙunshi `BUREAU_RECORD`, saƙon zai ce: «Rahoton da muka samu daga kamfanin adana tarihin bashi ya nuna akwai biyan da ya wuce lokacinsa da sunanku. Ba mu ne muke rubuta wannan rahoto ba, kuma yana iya ƙunsar kuskure ko bashin da kuka riga kuka biya. Dokar Rahoton Bashi ta 2017 ta ba ku damar karɓar rahotonku kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanoni irin su CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, kuma kuna da damar neman a gyara duk abin da ba daidai ba.»

Idan ya ƙunshi `GOODS_EXCLUDED`, zai ce: «Kayan da kuka nemi a saya muku ba sa cikin jerin kayan da tsarinmu na murabaha yake ɗauka. Jerin yana cikin manhajar, kuma kuna iya sake nema a kan wasu kayan ba tare da jira ba.»

Hukuncin da ya zo da `FRAUD_SUSPECT`, ko da wata lambar da ba a rubuta mata sakin layi ba, ba a aika masa wannan saƙo kai tsaye. Zargin zamba magana ce mai nauyi da ba ta dace a bar wa na'ura ba, don haka ana miƙa buƙatar ga ma'aikaci, mai buƙata kuma ya samu wannan kawai: «Buƙatarku tana buƙatar ƙarin dubawa, kuma ma'aikacinmu zai tuntuɓe ku ta cikin manhajar.»

Saƙon SMS ba ya ɗaukar dalili ko adadin kuɗi, saboda a gidaje da shaguna da yawa waya ɗaya tana bi ta hannun mutane da dama. An zaɓi kalmomin da ba su da baƙaƙe masu lanƙwasa, tun da guda ɗaya daga cikinsu yana rage tsawon saƙo daga haruffa 160 zuwa 70. Ga yadda yake: «Salam. Sakamakon nemanku mai lamba MRB-2025-04417 ya fito. Ku shiga manhaja domin karanta cikakken bayani. Mun gode.»